Yadda Ake Bin Takardar Albashi Layi-Layi Don Gano Cirar da Ta Wuce Ƙa'ida

Yawancin ma'aikata alat ɗin banki kawai suke dubawa a ƙarshen wata. Idan kuɗin ya yi kusa da na watan jiya, shi ke nan, sai a wuce kasuwa. Amma alat lamba ɗaya ce tak, kuma ba ta faɗin yadda aka yi aka kai gare ta. Bayanin yana cikin takardar albashi, inda aka jera abin da ka samu a gefe ɗaya, abin da aka cire a ɗaya gefen. Kowane layi a gefen cira yana da amsar tambayoyi uku: kashi nawa ne ko naira nawa ne, daga wane kuɗi aka lissafa shi, kuma wa ya ba da izinin cire shi. Layin da ya kasa amsa ɗaya daga cikin ukun nan, a nan matsalar take. Bayanin da ke tafe na ma'aikaci ne a Najeriya, na gwamnati ko na kamfani, kuma lissafin harajin bisa dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ne.

Abin da za ka tara kafin ka zauna

Takardar wata ɗaya ba ta isa ba. Nemo ta watan da kake zargi, da aƙalla ta watanni uku kafinsa, domin kurakurai da yawa ba sa fitowa sai an jera takardu gefe da gefe. Haɗa da takardar ɗaukar aiki ko ta ƙarin girma ta ƙarshe, wadda ta nuna matakinka da yadda aka kasa albashin. Sai bayanin asusun banki na waɗannan watanni, bayanin asusun fansho daga kamfanin da ke riƙe maka shi, da duk wata takardar bashi da ka taɓa sa wa hannu, ko ta ƙungiyar adashin ma'aikata ce ko ta banki. Kalkuletar waya ta wadatar, amma ka riƙe biro da takarda, don za ka buƙaci rubuta naka lissafin a gefen nasu.

Ga takardar da za mu bi. Misali ne na mai kula da sito a wani kamfani a Kano, albashin watan Afrilun 2026. Da gangan na cusa kurakurai uku a cikinta. A zahiri da wuya su haɗu haka a takarda guda.

```
EARNINGS                 DEDUCTIONS
Basic      125,000.00    Pension       18,000.00
Housing     62,500.00    NHF            3,125.00
Transport   37,500.00    PAYE          27,500.00
Utility     15,000.00    Union Dues     1,500.00
Meal        10,000.00    Coop Savings  10,000.00
                         Coop Loan     11,000.00
Gross Pay  250,000.00    Total Ded.    74,250.00
Net Pay    175,750.00
```

Mataki na farko: saman takarda

Kafin ka taɓa kalkuleta, karanta abin da ke sama: suna, lambar ma'aikaci, wata da shekara, mataki, lambar asusun banki, sunan kamfanin fansho da lambar fanshonka mai farawa da PEN. Ga ma'aikacin gwamnati, wurin da aka rubuta GL da Step shi ne tushen komai. Idan an yi maka ƙarin girma zuwa mataki na 9 amma takarda tana nuna 8, ko ƙarin shekara bai hau ba, to duk lissafin da ke ƙasa zai daidaita da kansa tsaf, amma a kan albashin da ba naka ba. Kwatanta da jadawalin albashi na tsarin da kake ciki, CONPSS ne ko CONHESS ko na jiharku. Jihar da aka rubuta a wurin haraji ita ma abin dubawa ce, domin harajin albashi na jihar da kake zaune ne, kuma wanda aka yi wa canjin wurin aiki yakan tarar ana ci gaba da tura nasa tsohuwar jiha.

Mataki na biyu: tara lambobin kamar yadda suke

Tun ba ka tambayi ko lambobin daidai ne ba, fara duba ko an tara su daidai. Lissafi uku ne. Tara gefen samu: 125,000 da 62,500 da 37,500 da 15,000 da 10,000 sun ba da 250,000, daidai da abin da aka rubuta. Tara gefen cira: 18,000 da 3,125 sun zama 21,125, ƙara 27,500 ya zama 48,625, ƙara 1,500 ya zama 50,125, ƙara 10,000 da 11,000 ya tashi 71,125. Amma takarda ta ce 74,250. Na uku, cire jimlar cira daga jimlar samu, sannan ka kwatanta sakamakon da Net Pay da kuma abin da ya shiga banki.

Tazarar da ke tsakanin 74,250 da 71,125 naira 3,125 ce. Kada ka tsaya a "akwai bambanci", domin ita kanta tazarar tana nuna inda ɓarnar take. Duba ko akwai layin da ke ɗauke da wannan adadi daidai. Akwai: NHF, wato kuɗin asusun gidaje na ƙasa. Ke nan an tara shi sau biyu. Wannan yakan faru a ƙananan kamfanoni da makarantun kuɗi da asibitoci masu zaman kansu, inda akanta ke haɗa albashi a Excel. Wani ya saka sabon layi a tsakiya, lissafin jimla ya haɗa da shi da kansa, shi kuma ya sake ƙara shi da hannu, sai ya koma irin wannan:

```
=SUM(D2:D7)+D3
```

D3, wato layin NHF, yana cikin D2 zuwa D7 tun farko, sai ga shi an sake ƙara shi. Babu wanda ya yi niyyar cuta, kuma kuɗin bai tafi asusun gidaje ba, yana nan kwance a asusun kamfani.

Idan tazarar ba ta yi daidai da kowane layi ba, raba ta biyu ka sake nema. Idan rabinta ya yi daidai da wani layi, to an sa abin a gefen da ba nasa ba: alawus na 10,000 da aka jefa cikin cira zai rage maka 20,000, goma da ba a ba ka ba da goma da aka ɗauke. Idan wannan ma bai yi ba, raba tazarar da 9. In ta rabu ba saura, akwai alamar an juya lambobi biyu wajen bugawa. Wanda ya buga 26,500 a maimakon 62,500 ya jawo tazarar 36,000, kuma 36,000 a raba da 9 ya ba da 4,000 cif. Idan kuwa tazarar ba ta amsa ko ɗaya ba, sau da yawa akwai cirar da aka yi amma ba a buga ta a takarda ba, kuma kana da haƙƙin a faɗa maka mece ce.

Wani lokaci takarda lafiya lau take, amma abin da ya shiga banki bai kai Net Pay ba. A nan ba ofishin albashi za ka nufa ba tukuna. Buɗe bayanin asusunka ka ga ko kuɗin ya shigo cikakke sannan banki ya ɗebi nasa, na wani bashi ko umarnin cira da ka taɓa bayarwa ka manta.

A manyan tsare-tsaren biyan albashi irin IPPIS na gwamnatin tarayya, da wuya ka samu kuskuren tarawa, na'ura ba ta ɓata ƙari da ragi. Kuskurensu yana cikin abin da aka shigar mata, kuma shi ne aikin sauran matakan.

Mataki na uku: fansho da kuɗin gidaje

Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 10. Ana lissafawa ne a kan abin da yarjejeniyar aiki ta kira albashin wata, amma ba zai gaza jimlar gundarin albashi, wato Basic, da alawus ɗin gida da na sufuri ba. A misalinmu ukun nan sun tashi 225,000, kashi 8 nasu kuma 18,000 ne. Layin ya tsira.

Hanyar da ta fi sauri wajen gwada kowace cira mai kashi ita ce bin ta da baya. Raba abin da aka cire da kashin, sai ya fito maka da kuɗin da aka lissafa a kai: 18,000 a raba da 0.08 ya ba da 225,000. Da ka ga 20,000 a wurin, rabawa za ta ba ka 250,000, ka san a kan dukkan albashi aka lissafa. Wannan ba lallai ne kuskure ba, wasu wuraren haka yarjejeniyarsu ta ce, kuma kuɗin asusunka yake tafiya. Sai ka duba takardar ɗaukar aiki. Abin da ba ya halatta shi ne ka ga 40,500, wato kashi 18 na 225,000, an ɗora maka naka da na kamfani, alhali ba a ƙara kason kamfanin a gefen samu ba. Haka nan inshorar rai ta ma'aikata, da kashi 1 na asusun diyyar rauni a wurin aiki, wato NSITF, da kashi 1 na asusun horar da ma'aikata, wato ITF, duk nauyin mai ɗaukar aiki ne. In ka ga NSITF ko ITF a gefen cirarka, ka ja masa layi.

Cirewa daban, turawa daban. Ɗauki bayanin asusun fanshonka ka nemo watan. A misalinmu ya kamata a ga 18,000 naka da 22,500 na kamfani. Doka ta ba mai ɗaukar aiki kwana bakwai na aiki daga ranar biyan albashi ya tura kuɗin. Watan da aka cire a takarda amma babu shi a asusu, a ganina ya fi kuskuren naira dubu uku muni nesa ba kusa ba, don ba a jin zafinsa sai ranar ritaya. Idan magana da ofis ba ta yi ba, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, tana karɓar irin wannan ƙorafi.

NHF kuwa kashi 2.5 ne, yana tafiya asusun gidaje da ke hannun bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya. Wurare da yawa a kan gundarin albashi suke lissafa shi: kashi 2.5 na 125,000 shi ne 3,125, daidai da takarda. Idan ka ga 6,250, a kan 250,000 aka yi, sai ka nemi a nuna maka dalili. Akwai kuma abin da ma'aikatan kamfanoni da yawa ba su sani ba: tun gyaran dokar da aka sa wa hannu a 2023, wannan gudummawa ta zama ta ganin dama ga ma'aikacin kamfani mai zaman kansa, ta ci gaba da zama dole ga na gwamnati.

Mataki na huɗu: haraji, inda aka fi barin kuɗi

Layin PAYE, wato harajin albashi, shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, wai lissafinsa sai akanta. Ba haka ba ne, sai dai a bi shi a hankali. Harajin albashi a kan shekara ake lissafa shi, sannan a raba gida goma sha biyu. Saboda haka duk abin da za ka taɓa, ninka shi sau 12 tukuna.

Albashin shekara a misalinmu 3,000,000 ne. Ba duka ake ɗora wa haraji ba. Ana fara cire fanshon shekara, 216,000, da NHF na shekara, 37,500. Da akwai inshorar lafiya ta ƙasa, ko kuɗin inshorar rai da yake biya wa kansa ko matarsa, ko ruwan bashin gina gidan da yake ciki, da su ma an cire. Sai rangwamen haya, wanda sabuwar doka ta kawo: kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. A ce mutuminmu yana biyan 400,000 a shekara, rangwamensa 80,000 ne. Idan an cire ukun nan daga 3,000,000, saura 2,666,500. Wannan ne kuɗin da haraji zai hau.

Yadda yake hawa kuwa hawa-hawa ne. Naira 800,000 na farko babu haraji. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15. Miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na bayansu kashi 21, sai miliyan 25 a kan kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Kowane kashi yana cin yankinsa ne kawai, ba ya komawa ya ci na ƙasa. Mutuminmu bai fita daga hawa na biyu ba: cire 800,000 daga 2,666,500, saura 1,866,500, kashi 15 nasa 279,975 ne a shekara, a raba 12 ya ba da 23,331.25 a wata.

Takarda ta ce 27,500. Tun kafin lissafi ma lambar tana da abin zargi, domin harajin da aka bi ta kan fansho da NHF da wuya ya fito ba kwabo ba ɗigo haka. Bi shi da baya. 27,500 sau 12 ya zama 330,000. Raba da 0.15, ya ba da 2,200,000. Mayar da 800,000 da ba a taɓawa, ya koma 3,000,000 cif. Ka ga an ɗora harajin a kan dukkan albashi, ba a cire komai ba. Yanzu ba "harajina ya yi yawa" za ka je ka ce ba, za ka ce an lissafa shi kafin a cire fansho da NHF, kuma ga shaida.

Sai dai a yi adalci wajen raba laifin. Tazarar duka 4,168.75 ce a wata, amma ba dukkanta ce ta ofis ba. Fansho da NHF suna gaban akanta, shi ya cire su da hannunsa, ba shi da hujjar mantawa da su. Idan aka cire su kaɗai, harajin zai zama 24,331.25, wato kuskuren ofis 3,168.75 ne. Ragowar 1,000 ta rangwamen haya ce, ita kuwa ba ta zuwa da kanta, sai ma'aikaci ya bayyana hayar da yake biya ya kawo shaida, rasit ko yarjejeniyar haya. A garuruwanmu da ake biyan haya hannu da hannu ta wurin dillali, ba takarda ba komai, nan ne mutane da yawa za su yi asarar wannan rangwame. Ka nemi mai gida ya rubuta maka rasit mai ɗauke da suna, adireshi, adadi da tsawon lokacin da kuɗin ya rufe. Wanda ke zaune a gidan kansa ko gidan gado ba shi da wannan rangwame.

Abu biyu kuma game da haraji. Idan takardar da kake bincike ta Disambar 2025 ce ko kafin nan, kada ka auna ta da wannan ma'auni. A lokacin akwai rangwamen naira 200,000 da kashi 20 na albashi, kuma hawan yana farawa daga kashi 7 ya ƙare a 24. In harajinka na Janairun 2026 ya fito daidai da na Disamba har kwabo alhali albashi bai canza ba, alama ce ofishinku bai sauya jadawali ba. Na biyu, watan da aka biya ariyas ko alawus ɗin hutu, haraji zai ɗaga, wannan daidai ne. Abin dubawa shi ne ya sauko a wata mai zuwa. Yakan maƙale a sama idan an ɗauki kuɗin wata guda kamar kullum za a riƙa biyansa aka ninka shi sau 12. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi kuwa, naira 70,000 tun 2024, bai kamata ya ga komai a wannan layi ba.

Mataki na biyar: bashi, adashi da ƙungiya

Waɗannan ba doka ce ta kafa adadinsu ba, sa hannunka ne. Don haka ma'auninsu takardar da ka sa wa hannu. Kuɗin ƙungiyar ƙwadago, tambayi sakataren reshe nawa ne ko kashi nawa ne, kuma ka tabbata ƙungiya ɗaya ce ke cira. Wanda ya sauya ɓangaren aiki yakan tarar tsohuwa da sabuwa duk suna ɗiba. Ajiyar adashi, kwatanta da katinka ko littafin ƙungiyar.

Bashi shi ne mai buƙatar ƙirga da yatsu. A ce mutuminmu ya karɓi firji ta hannun ƙungiyar adashi a kan 132,000, za a cire 11,000 duk wata har wata goma sha biyu, kuma cirar farko ta fito a takardar Maris 2025. Ƙirga daga watan da aka fara cira, ba daga watan da aka karɓi kaya ba. Maris na ɗaya, Disamba na goma, Janairu sha ɗaya, Fabrairun 2026 sha biyu. Bashi ya ƙare a Fabrairu. Cirar Maris da ta Afrilu, 22,000 ke nan, ƙari ne. Dalilin kusan kullum ɗaya ne: ofishin albashi ba ya tsayar da cira sai an aiko masa da takardar dakatarwa, sakataren ƙungiya kuma yana zaton an sa ranar ƙarewa tun farko. Kowa na jiran kowa, cira tana tafiya. Kuma saboda adadin bai canza ba, kwatanta takardar wannan wata da ta jiya ba zai tona shi ba. Shi ya sa ranar da ka karɓi kowane bashi ya kamata ka rubuta watan ƙarewarsa a bayan takardar.

Idan ka ga sunan wani kamfanin bayar da bashi da ba ka taɓa hulɗa da shi ba, kada ka tsaya dogon lissafi. Nemi a nuna maka takardar izinin cira mai ɗauke da sa hannunka. Kuskuren lamba ɗaya a lambar ma'aikaci ya isa ya ɗora maka bashin wani.

Cirar rashin zuwa aiki ma tana da wurin zamewa. Kwana ɗaya a albashin 250,000 ya zama 8,333.33 in an raba da 30, ya zama 11,363.64 in an raba da kwanakin aiki 22. Duba wanne dokokin wurin aikinku suka ce, kuma ka lura ko da shi ake lissafa maka idan biya za a yi, kamar albashin wanda ya fara aiki a tsakiyar wata. Raba da 22 wajen cira, raba da 30 wajen biya, wannan ba lissafi ba ne, son kai ne.

Dokar ƙwadago, a sashe na 5, ta ce jimlar abin da za a cire a wata kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan, kuma idan an biya ma'aikaci fiye da haƙƙinsa bisa kuskure, abin da za a iya cirewa shi ne na watanni ukun da suka gabaci watan da aka gano. A misalinmu kashi ɗaya cikin uku 83,333 ne, ba a kai ba. Sai dai wannan doka ta fi rufe leburori da ma'aikatan ofis na ƙasa. Masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru, yarjejeniyar aikinsu ko dokokin aikin gwamnati ne ke magana a kansu.

Mataki na shida: haɗa lissafi da kai ƙorafi

Yanzu sake gina takardar da naka lambobin. Fansho 18,000, NHF 3,125, haraji 23,331.25, ƙungiya 1,500, ajiya 10,000, bashi babu. Jimla 55,956.25. Abin da ya kamata ya shiga hannu 194,043.75 ne, ba 175,750 ba. Tazarar 18,293.75 ce, kuma dole ta yi daidai da kurakuran da ka gano in an tara su: 3,125 da 4,168.75 da 11,000. Ta yi. Da ba ta yi ba, da akwai sauran abin da ya ɓuya ko kai ma ka zame a wani wuri, sai a sake bi.

Daga nan koma tsoffin takardu ka nemo watan da kowane kuskure ya fara. A ce harajin tun Janairu yake haka: wata huɗu sau 3,168.75 ya zama 12,675. Bashi wata biyu, 22,000. Tara NHF sau biyu a Afrilu kaɗai ya bayyana, 3,125. Abin da za a nema 37,800 ne, ban da rangwamen haya da zai fara bayan an miƙa rasit.

Kowane kuɗi da ƙofar da ake bi a karɓo shi. Na kuskuren tarawa yana hannun kamfani, ana iya mayar da shi a albashi mai zuwa. Na bashi ya riga ya tafi asusun ƙungiyar adashi, don haka wurin sakatare da ma'aji za ka fara, su rubuta takardar dakatarwa zuwa ofishin albashi, sannan ka zaɓa ko a ba ka kuɗin ko a zuba a ajiyarka. Na haraji kuwa mai yiwuwa an riga an tura wa hukumar tara haraji ta jiha, tunda ana turawa ne zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Abin da aka saba yi shi ne a rage harajin watannin da suka rage a shekarar har a cike gurbin. Shi ya sa gano shi a Afrilu ya fi gano shi bayan an rufe shekara sauƙi.

Ka fara da baki, cikin girmamawa, domin akanta mutum ne kuma gobe ma wurinsa za ka koma. "Ranka ya daɗe, na ɗan bi takardar Afrilu ne, na ga kamar jimlar cira ta ɗara layukan da 3,125, ko za ka duba mana?" ya fi buɗe ƙofa a kan shiga da faɗa. Amma ko ya ce "ba komai, za a gyara", ka bi da takarda. Shafi ɗaya ya isa: sunanka da lambar ma'aikaci, sannan kowane kuskure a layinsa, da watan, da abin da aka cire, da abin da ya kamata, da bambancin. Liƙa kwafin takardun albashi da na bashi, ka riƙe na asali a gida. Yi kwafi biyu na wasiƙar, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ka tafi da shi. Ma'aikacin tarayya zai miƙa ta hannun jami'in IPPIS na ma'aikatarsa, shi ne mai tura gyara zuwa ofishin babban akanta na ƙasa. Ka kuma tambayi ranar da ake rufe shigar da gyare-gyaren wata, don takardar da ta iso bayan ranar sai albashin wata na gaba.

Idan sabuwar takarda ta fito, abu biyu za ka nema a cikinta: an tsayar da kuskuren, kuma an mayar da na baya. Ofisoshi da yawa suna yin na farko su manta na biyu. Duba kuma inda aka sa kuɗin da aka mayar. Naira 22,000 na bashi da 3,125 na kuskuren tarawa kuɗi ne da aka riga aka biya harajinsu. Idan aka jefa su a gefen samu kamar sabon alawus, na'ura za ta sake cire musu kashi 15, wato kusan naira 3,769, sai ka sake rubuta wata wasiƙar a kan wannan.